Na faɗi karatu da rubutu a OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, kuma ina aikin dare: yaya zan tsara shirin sake zama?

Tambaya: "Assalamu alaikum Anti. Ni nas ce a wani asibitin gwamnati a Kano, shekarata shida ina aiki, ina da yara biyu, kuma ina son tafiya aiki Birtaniya. Wata biyu da suka wuce na zauna OET, na samu 360 a sauraro, 370 a magana, 320 a karatu, 280 a rubutu. Ƙawayena na cewa in koma jarrabawar Turanci ta IELTS tunda ta fi araha. Ga aikin safe, ga na yamma, ga na dare, ban san ta inda zan kama ba. Don Allah ki tsara min yadda zan yi."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin mu taɓa jadawali, ki ajiye maganar komawa IELTS, domin sakamakon da ke hannunki yana da daraja, kuma sauya jarrabawa zai zubar da ita.

Hukumar rajistar nas-nas da ungozoma ta Birtaniya, NMC, tana neman B a sauraro da karatu da magana, wato maki 350 zuwa sama, sannan C+ a rubutu, wato 300 zuwa sama. Tana kuma yarda a haɗa sakamakon zama biyu, muddin an yi su cikin wata 12, an zauna duka ɓangarori huɗun a kowane zama, kuma babu inda aka faɗi ƙasa da ƙaramin mizanin da ta gindaya: C+ a sauraro da karatu da magana, C a rubutu. Makinki na farko bai karya ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa ba. Saboda haka a zama na biyu abin da kike nema shi ne 350 a karatu da 300 a rubutu, sauraro da magana kuwa kada su sauka ƙasa da 300. Amma ba a haɗa sakamakon OET da na IELTS. Ranar da kika koma IELTS kin koma farko ke nan, ki nemi 7 a ɓangarori uku da 6.5 a rubutu, ki kuma koyi rubuta muƙala kan batutuwa irin su cunkoson birane ko tarbiyyar yara, abin da ba shi kike yi kullum ba. Rubutun OET kuwa wasiƙa ce, irin ta sallamar majinyaci, wadda gonarki ce. Hukumar ta sauya waɗannan ƙa'idoji a 2023, don haka ranar da za ki biya kuɗi ki buɗe shafinta ki karanta da idonki, kada ki dogara da hoton da aka turo a zauren WhatsApp.

Wata biyu sun riga sun tafi daga cikin 12 ɗin. Idan kika ɗauki mako 12 kina shiri, za ki zauna a wata na biyar, kuma in an samu akasi akwai sauran lokacin da za ki sake gwadawa.

## Jadawalin ya bi rostar aiki

Na daɗe ina shirya nas-nas don wannan jarrabawa, kuma abin da ya fi kashe musu shiri shi ne jadawalin da ke cewa awa uku kullum bayan Isha'i. Yana tafiya lafiya har ranar da aka shiga makon dare, sai ya rushe, mutum ya ji ya gaza, ya yi mako biyu bai buɗe littafi ba. Ke ki ɗauki rostarki ta wata, ki raba ranakun gida uku.

Ranar aikin safe ko na yamma, awa ɗaya da kwata ta isa, a zama ɗaya, lokacin da kanki ke sake. Ga mai aikin yamma wannan lokacin shi ne hantsi bayan yara sun tafi makaranta. Ga mai aikin safe, yawancin ɗalibaina sun fi jin daɗin bayan sallar Asuba a kan bayan an dawo a gajiye. Ranar hutu ki yi awa uku, a zama biyu. Ranar aikin dare kuwa kada ki ɗora wa kanki komai sai sauraro na minti 20 a hanya ko kafin barci. Wasiƙar da aka rubuta da ƙarfe uku na dare a teburin nas-nas ba ta koya wa kowa komai, kuma majinyatanki suna da hakki a kan hankalinki.

Idan kika lissafa, za ki samu kamar awa 10 a mako in an daidaita makon dare da hutun da ke biyo bayansa. Ki ba karatu awa huɗu, rubutu awa huɗu, sauraro ɗaya, magana ɗaya. Zuciya za ta ja ki zuwa sauraro da magana, domin a nan kike samun maki masu faranta rai. Ki hana ta.

Makon farko ba na koyo ba ne, na gano ciwo ne. Ki sauke gwaje-gwajen kyauta da ke shafin OET kansa, ki yi na karatu guda ɗaya da agogo kamar a ɗakin jarrabawa, ki rubuta wasiƙa ɗaya cikin minti 45. Daga mako na 2 zuwa na 5 ki ajiye agogo gaba ɗaya, ki yi aiki a hankali har sai kin san dalilin kowace amsa. Mako na 6 zuwa na 9 ki dawo da agogo, sashe-sashe. Mako ukun ƙarshe kuma kowace ranar hutu ki yi cikakkiyar jarrabawa a jere, sauraro da karatu da rubutu, wayarki a kashe, yara a wurin wani.

## Karatu: inda makin 30 ɗin nan ya ɓuya

Tambayoyin karatu 42 ne cikin awa ɗaya. Sashen A yana da 20, sashen B yana da 6, sashen C yana da 16. Wanda ya samu kusan 30 daidai shi ke kaiwa B. A ƙiyasina, tazarar da ke tsakanin 320 da 350 ba ta wuce tambaya uku ko huɗu ba, sai dai dole ki san a wane sashe suke zubewa.

Sashen A minti 15 ne kacal, kuma ba a komawa kansa. Gajerun rubuce-rubuce huɗu ne kan ciwo ɗaya, misali ɗaya na alamomi, ɗaya na matakan kulawa, ɗaya jadawalin yawan magani gwargwadon nauyi ko shekaru, ɗaya na abin da za a kiyaye. Tambaya 20 cikin minti 15 na nufin daƙiƙa 45 ga kowace. Wadda ta tsaya karanta rubutun daga farko zuwa ƙarshe ba za ta gama ba. Ki ba minti ɗaya ko biyu ki duba kanun kowane rubutu ki san abin da ke cikinsa, daga nan kowace tambaya ki fara da tambayar kanki a wane rubutu amsar take, ki je can ki ɗauko ta. A kwafi kalmar yadda take, harafi da harafi, domin a wannan sashe kuskuren harafi ɗaya yana cin makin. Akwai kuma tarkon da gogaggun nas-nas suka fi faɗawa: amsawa daga abin da suka sani a wurin aiki. In takardar ta ce a duba majinyaci kowane minti 15, ku kuma a asibitinku kowane minti 30 kuke yi, amsar 15 ce.

Wannan sashe shi ya fi saurin gyaruwa. Na sha ganin wadda ke samun 12 ta koma 17 cikin mako huɗu, ba don Turancinta ya ƙaru ba, sai don ta daina karantawa ta koma nema.

Sashen B da C suna raba minti 45. Ki ba B minti 10, ki bar wa C minti 35. Sashen C shi ne mai nauyi: dogayen rubuce-rubuce biyu, kowanne da tambaya takwas, kuma ba gaskiyar likitanci ake tambaya ba. Ana tambayar ra'ayin marubucin, ko abin da wani mai bincike yake nufi, ko wace kalma ce wani wakilin suna ke komawa gare ta. Cikin zaɓi huɗu, sau da yawa za ki ga wanda ya maimaita kalmomin sakin layin sak amma ya juya ma'anar, da wanda gaskiya ne a duniya amma marubucin bai faɗe shi ba, da wanda ya zarce gona da iri, marubuci ya ce "wataƙila" shi kuma ya ce "tabbas". Amsar gaskiya yawanci da wasu kalmomi take zuwa.

Maganin wannan littafin kurakurai ne. Ki sayi ƙaramin littafi, duk tambayar da kika faɗi ki rubuta dalili ɗaya a gabanta: lokaci ne ya ƙure, kalma ce ban sani ba, tarkon zaɓi ne ya kama ni, ko harafi na ɓata. Bayan gwaji uku ki ƙirga. In yawancinsu kalma ce, ƙarin gwaji ba zai taimake ki ba, karatu kike buƙata: muƙala ɗaya ta ra'ayi kullum daga mujallu irin su BMJ ko Nursing Times, kina taƙaita kowane sakin layi da jimla ɗaya taki. In tarko ne, to kowace tambaya ki tilasta wa kanki faɗin dalilin da ya sa sauran zaɓi ukun suka zama kuskure. Gwaji ɗaya da aka yi awa biyu ana bitarsa ya fi gwaji biyar da aka duba maki kawai aka wuce. Abin da nake so ki riƙa samu kafin ki biya kuɗi shi ne 17 a A, 4 a B, 11 a C, wato 32, sau uku a jere, a gwajin da ba ki taɓa gani ba.

## Wasiƙar: wa zai karanta, me zai yi da ita

Ban ga wasiƙar da kika rubuta ba, saboda haka ba zan yanke hukunci a kan abin da ya ba ki 280 ba. Amma wadda ta samu 370 a magana ba ta rasa Turanci ba. A irin wannan hali abin da na fi gani shi ne an kwashe duk bayanan majinyacin an jera su a jimloli, kamar ana miƙa aiki ga mai karɓar duti. Masu dubawa kuwa suna auna abu shida: ko manufar wasiƙar ta fito tun farko, ko abin da ya kamata ya shiga ya shiga daidai, ko an zubar da abin da bai da amfani, ko salon ya dace da mai karɓa, ko an tsara sakin layi, sannan nahawu da kalmomi. Harshe kansa ɗaya ne cikin shida.

Bari in ba ki misalin da nake koyarwa da shi. Dattijo ne mai shekara 68, yana da ciwon suga shekara 12. An kwantar da shi kwana shida saboda gyambo a ƙafar hagu da ya kamu da ƙwayoyin cuta. An yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, yanzu an mayar da shi kan na sha, saura kwana biyar. A wannan kwanciya aka fara masa insulin. Ana wanke gyambon kowane kwana biyu. Shi kaɗai yake zaune, ganinsa ya ragu, 'yarsa tana zuwa ƙarshen mako. Bayanan sun kuma ce an cire masa afendis a 1990, mahaifinsa ya rasu da shanyewar ɓarin jiki, yana son kallon ƙwallo, yana yawan shan lemon kwalba, ga kuma awon hawan jini da zafin jiki na kowace rana cikin shidan. Umarnin ya ce a rubuta wa nas ɗin da za ta riƙa zuwa gidansa bayan sallama.

Minti biyar na farko ba a yarda ki rubuta komai ba, karatu kawai. Ki fara daga ƙasan takardar, inda umarnin yake, ki ga wa ake rubuta wa, sannan ki hau sama da tambaya ɗaya a ranki: wannan matar in ta shiga gidan dattijon nan gobe, me za ta yi da hannunta? Za ta wanke gyambo, za ta duba ko yana iya yi wa kansa allura, za ta tabbatar ya ƙarasa magani, za ta lura da alamun dawowar cuta. To sakin layin farko, jimla ɗaya ko biyu, ya ce ga wanda ake sallama yau, ga abin da ya kawo shi, ga abin da ake so ta ci gaba da yi. Na biyu ya taƙaita kwanciyar da halin da gyambon yake ciki yau. Na uku ya haɗa abubuwa uku da bayanan suka warwatsa a wurare daban-daban: sabon shiga ne a insulin, ba ya gani sosai, kuma babu kowa tare da shi sai ƙarshen mako. Wannan haɗawar ita ce aikin nas, ita ce kuma ke nuna wa mai dubawa kin fahimci majinyacin. Na huɗu ya jero buƙatun a fili, da yawan magani da ranar komawa asibiti yadda suke a takarda.

Afendis na 1990 ba ya shiga. Mahaifinsa ba ya shiga, ƙwallo ba ta shiga. Awon kwana shida ya zama rabin jimla, cewa zazzaɓin ya sauka tun rana ta uku, in haka bayanan suka nuna. Yanzu ki ɗauka an ce a rubuta wa masaniyar abinci maimakon nas ɗin gida. Nan take lemon kwalba da awon suga da nauyinsa su hau gaba, irin bandejin da ake sa wa gyambon ya fita gaba ɗaya. Wannan shi ne atisayen da na fi so ki yi a mako na 2 zuwa na 5: bayanai ɗaya, wasiƙa biyu, masu karɓa daban.

Jikin wasiƙar kalma 180 zuwa 200 ake so. In kin ga kin kai 260, kusan tabbas kin saka abin da bai kamata ba. Ki rubuta wasiƙa biyu sababbi a mako, ki kuma sake rubuta kowacce bayan an gyara miki. Sake rubutawar ce ke zaunar da gyara, kuma ita ce mutane ke tsallakewa.

Gyaran kuwa sai da idon wani. Malamin Turanci na sakandare zai kama miki nahawu, amma ba lalle ya gane cewa afendis ba shi da gurbi ba. Ki nemi wanda ya san ma'aunan nan shida, ko da wasiƙa shida kawai za ki iya biya a duba miki a duk tsawon shirin: biyu a farko, biyu a tsakiya, biyu a ƙarshe. Sauran ku yi musanya da abokiyar shiri. Ta fuskar nahawu, mu Hausawa kurakuranmu sanannu ne. Muna zubar da `a` da `the`, muna barin `s` na jam'i da `ed` na abin da ya wuce, kuma muna cakuɗa abin da ya faru a rana sananniya da abin da ya fara yake kuma ci gaba, kamar `was admitted` da `has improved`. Ki bar minti huɗu na ƙarshe don farautar waɗannan kaɗai, layi-layi. Gajerun alamomin da muke rubutawa a fayil kuma ki warware su zuwa cikakkun kalmomi idan mai karɓar ba lalle ya san su ba.

Tun yanzu ki yanke shawara ko a takarda za ki zauna ko a kwamfuta, ki yi duk atisayenki a haka. In ba ki saba da allon bugawa ba, kada ranar jarrabawa ta zama ranar koyo.

## Riƙe abin da kika riga kika samu

Awa ɗaya ta sauraro ki raba ta a ranakun aikin dare. Jarrabawar asalinta daga Ostareliya take, kuma za ki ji karin harshe iri-iri, sau ɗaya tak ake kunna kowane sauti. Shirin Inside Health na BBC da Health Report na gidan rediyon ABC na Ostareliya sun isa su saba miki da kunne. Ki riƙa tsayar da sauti kina rubuta lambobi, musamman irin 15 da 50, ko 13 da 30, waɗanda a bakin Bature suke kusan zama ɗaya.

Magana kuwa sau ɗaya a mako ku yi wasan kwaikwayo biyu da abokiyarki, minti uku na shiri, minti biyar na hira, ku naɗa a waya ku saurara. Ki kula da `p` da `f`, kada `pain` ta fito kamar da `f` ta fara. Ki kuma kula da ɗabi'ar da cunkoson asibitocinmu ya koya mana, ta bayar da umarni a wuce gado na gaba. A jarrabawar ana ba da maki ne kan tambayar majinyaci abin da ke damunsa, da sauraron amsarsa, da tabbatar da ya gane bayanin. Kin riga kin nuna kin iya, don haka awa ɗaya ta wadatar.

Za ki haɗu da masu cewa suna da hanyar gyara maki ko samo tambayoyi kafin rana. Ki guje su. A 2023 NMC ta soke sakamakon jarrabawar kwamfuta ta sanin aiki, CBT, da aka yi a wata cibiya a Ibadan saboda zargin maguɗi, abin ya shafi mutum kusan 2,000, har da waɗanda suka riga suka fara aiki a Birtaniya. Hukumar tana bin diddigi, kuma lasisinki ne zai shiga haɗari.

Wannan tsari na mai irin makinki ne. Da a ce 250 kika samu a ko'ina, da na ce ki ɗauki wata shida kina gina Turancin kansa kafin ki taɓa gwaji. Ke ma, in mako na 9 ya zo karatunki yana tsaye a 27 ko 28, kada ki biya kuɗin zama. Ki ƙara mako huɗu, ki koma littafin kurakuranki ki ga wane dalili ne ya fi yawa. Kuma kada ki manta sakamakon yana aiki ne shekara biyu kacal, don haka tun a cikin makonnin nan ki fara bin takardun tantance lasisinki a hukumar nas-nas ta Najeriya, kada ki ci jarrabawa ki zauna jiran takarda wa'adi yana tafiya. In kin rubuta wasiƙarki ta makon farko, ki turo min ita tare da bayanan majinyacin da kika yi aiki da su, in duba miki.